Kafin Akanta Ta Tafi Hutun Haihuwa: Yadda Ake Rubuta Takardar Miƙa Aiki

A yawancin ofisoshi, takardar miƙa aiki ranar ƙarshe ake rubuta ta, bayan la'asar, mai tafiya hutu na rubutu da hannu ɗaya tana tattara jaka da ɗayan. Abin da ke fitowa bai wuce layi shida ba: albashi, haraji, fansho, banki, masu kawo kaya, sai kuma "idan akwai matsala a kira ni". Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, amma babu abin da za ta tsinana wa wanda aka bar wa kujerar. Ai ya riga ya san ana biyan albashi, tunda shi ma yana karɓa. Abin da bai sani ba shi ne ranar da ake fara haɗa lissafin, takardar wa ake jira kafin a fara, wa ake kira idan banki ya riƙe kuɗin, da kuma wayar da lambar tabbatarwa ta banki ke shiga.

Wanda ya daɗe a ofishin kuɗi ya sha ganin wannan kuskure daga sababbin ma'aikata, har da tsofaffin ma. Shi ya sa wannan jagora ta ɗauki kujera ɗaya tak ta bi ta daki-daki, wato kujerar akanta, domin a nan ne mantuwar kwana ɗaya ke zama tara da ake biya da kuɗi.

A ƙaddara kamfani ne a Kano mai sayar da kayan gini, da ma'aikata 40 da ƙaramin reshe a Dutse. Akantar kamfanin za ta tafi hutun haihuwa na mako 12, wanda shi ne abin da Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta tanada, mako shida kafin haihuwa da shida bayanta. Hutun zai fara Litinin 3 ga Nuwamba 2025, ta dawo Litinin 26 ga Janairu 2026. Mataimakinta, wanda ya saba da rubuta bauca da kula da kuɗin hannu amma bai taɓa rufe wata shi kaɗai ba, shi zai yi riƙon ƙwarya. Kamfanin misali ne kawai. Ranakun da dokokin kuwa na gaske ne.

Abubuwan da za a tanada

Kayan aikin ba su da yawa. Ana buƙatar kalanda mai nuna ranakun mako da ranakun hutun gwamnati, ba jerin kwanan wata kawai ba. Ana buƙatar ƙaramin littafi na rubuta abin da aka yi kullum, da fayil ɗin watanni ukun da suka wuce mai ɗauke da rasit na duk abin da aka biya hukuma, da kwafin takardar da ke nuna waɗanda banki ya amince su sa hannu. Sai kuma abin da ya fi wuyar samu: sa'a biyu ko uku na manaja, domin akwai abubuwan da shi kaɗai zai iya yanke hukunci a kansu.

Mataki na 1: A fara wata guda cur kafin tafiya

Aikin akanta zagaye yake yi duk wata. Abin da ake yi ranar 8 ba shi ake yi ranar 20 ba, kuma idan aka zauna rana ɗaya ana son tuno komai, abubuwan makon da ake ciki ne kawai za su zo. Don haka tun 1 ga Oktoba akantar za ta ajiye littafinta a kan tebur, duk abin da ta yi ta rubuta shi a layi ɗaya, komai ƙanƙantarsa. Ta kira mai kula da sito ta tuna masa ya turo ƙidayar kaya? Ta rubuta. Ta duba ko kuɗin wani babban mai saye ya shigo kafin ta saki kuɗin mai kawo siminti? Ta rubuta.

Irin waɗannan ƙananan ayyuka su ne ba sa shiga takardar da aka rubuta da gaggawa, saboda mai yin su ba ta ɗauke su aiki ba. Sun zame mata jiki. Kuma su ne ke fara tsayawa cak da zarar ta tafi.

Akwai wani dalili na biyu da ya keɓanci hutun haihuwa. Ranar da likita ya faɗa hasashe ne, kuma ana iya ba mace hutun gado tun kafin lokacin da ta tsara. Ya kamata a ce daftarin farko na takardar yana hannun mataimaki aƙalla mako biyu kafin ranar tafiya, ko da akwai sauran gyara.

Mataki na 2: A gina takardar a kan kalanda

A nan ne ya kamata a ɓata lokaci, domin shi ne ƙashin bayan takardar. Kuskuren da aka fi yi shi ne rubuta ƙa'ida maimakon rana. A rubuta "harajin VAT ranar 21 ga kowane wata" daidai ne, amma mai riƙon ƙwarya yana buƙatar ya ga ainihin ranar, da ranar mako da ta faɗa, da ranar da zai fara shiri.

Wa'adodin wata-wata da ke kan wannan kujera uku ne manya. Harajin albashi, wanda ake kira PAYE, ana tura shi ga hukumar harajin jiha zuwa ranar 10 ga watan da ke biye. Harajin VAT, kashi 7.5 cikin 100, ana shigar da bayaninsa a kuma biya hukumar harajin tarayya zuwa ranar 21 ga watan da ke biye. Kuɗin fansho kuwa ba shi da tsayayyen kwanan wata: Dokar Fansho ta 2014 ta ce a tura shi cikin ranakun aiki bakwai daga ranar da aka biya albashi. Wato wa'adinsa yana tafiya ne tare da ranar albashi, idan ta matsa shi ma ya matsa.

Da zarar an ɗora waɗannan a kan kalandar hutun, tarkuna sukan fito fili. Kamfanin yana biyan albashi ranar 25, amma 25 ga Oktoba Asabar ce, don haka za a biya Juma'a 24. Ranakun aiki bakwai daga nan sun kai Talata 4 ga Nuwamba, kwana na biyu da fara hutun. Idan akantar ta ɗauka mataimaki zai yi, shi kuma ya ɗauka aikin Oktoba ne don haka ta gama, kuɗin fanshon mutum 40 ya faɗa tsakani. Mafita mai sauƙi ce: ko dai ta tura kafin ta tafi ta liƙa rasit a takardar, ko ta rubuta ƙarara cewa ba a tura ba, nasa ne. Haka ma harajin albashin Oktoba, wanda wa'adinsa Litinin 10 ga Nuwamba.

Disamba ta fi rikici. A ce kamfanin ya saba biyan albashin Disamba da wuri saboda bukukuwan ƙarshen shekara, ranar Juma'a 19. A gefe guda kuma 21 ga Disamba, wa'adin VAT na Nuwamba, Lahadi ce. Akanta mai hankali ba ta barin wa'adin da ya faɗa ƙarshen mako ya kai ƙarshen mako. Juma'ar da ta gabace shi take ɗauka a matsayin wa'adi, domin idan shafin hukuma ya ƙi buɗuwa ko banki ya riƙe kuɗi ranar Asabar, babu wanda za a kira. Ke nan albashi da VAT sun haɗu a rana ɗaya, a hannun mutumin da sau ɗaya kacal ya taɓa yin kowannensu shi kaɗai. Takarda mai kyau za ta hango wannan, ta ce a gama VAT zuwa Talata 16, a bar sauran makon ga albashi.

Biyan albashi da wuri yana jawo fansho gaba. Daga 19 ga Disamba, idan aka cire ƙarshen mako da hutun 25 da 26 ga Disamba da na 1 ga Janairu, rana ta bakwai ita ce Juma'a 2 ga Janairu. Mataimakin da ya saba ganin ana tura fansho "wajen 4 ko 5 ga wata" zai makara ba tare da ya sani ba. Harajin albashin Disamba kuma, 10 ga Janairu Asabar ce, sai a rubuta Juma'a 9.

Bayan na wata-wata, sai a nemo abin da ke zuwa sau ɗaya a shekara da abin da zai canza a tsakiyar hutun, domin waɗannan ba za su fito a littafin Oktoba ba. A wannan misali akwai guda biyu masu nauyi. Na farko, kowane mai ɗaukar ma'aikata yana miƙa wa hukumar harajin jiha bayanin albashi da harajin ma'aikatansa na shekarar da ta wuce zuwa 31 ga Janairu. A 2026 ranar Asabar ce, kwana biyar bayan dawowar akantar, don haka dole a fara haɗa shi kafin ta dawo. Na biyu, sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun fara aiki 1 ga Janairu 2026. Sun sauya sunan hukumar FIRS zuwa NRS, sun kuma sauya yadda ake lissafin harajin albashi: Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, tsohon rangwamen da ake cire wa kowa an soke shi, an kawo rangwamen kuɗin haya na kashi 20 cikin 100 na hayar shekara, iyaka Naira 500,000. Albashin Janairu, wanda za a biya Juma'a 23 tunda 25 Lahadi ce, mataimaki ne zai haɗa shi. Idan ya buɗe tsohon fayil ɗin Excel ya zuba sunaye kamar kullum, lissafin kowa zai fita ba daidai ba. Takardar dole ta faɗi wa zai gyara lissafin, zuwa yaushe, wa zai duba shi, da kuma ranar da za a nemi ma'aikata masu zaman haya su kawo shaidar biya.

Kowane wa'adi a rubuta masa ranaku biyu: ranar ƙarshe da ranar farawa. Ta biyun ce mai riƙon ƙwarya zai sa a wayarsa.

Mataki na 3: Kowane aiki ya amsa tambayoyi biyar

Me ake yi, me ake jira kafin a fara, a ina ake yi, wa ke amincewa, kuma da me ake gane an gama. Ta ƙarshen ce aka fi mantawa. Ganin kuɗi sun fita daga asusun kamfani ba ya nufin an gama. Sai hukumar da aka biya ta ba da rasit, ko kuɗin sun bayyana a inda aka nufa.

Ga yadda bayanin fansho zai kasance a wannan kamfani. Jimillar albashin da ake lissafin fansho a kansa, wato ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri, a ce Naira 6,000,000 ne a wata. Ana cire kashi 8 cikin 100 daga ma'aikata, Naira 480,000, kamfani ya ƙara kashi 10 nasa, Naira 600,000, jimilla Naira 1,080,000. Kuɗin ba waje ɗaya suke tafiya ba, domin kowane ma'aikaci yana da kamfanin fanshon da ya zaɓa, saboda haka ana raba jadawalin gida-gida, kowane suna da lambar asusun fanshonsa. Sai takardar ta nuna fayil ɗin da jadawalin yake, ta ce manaja ne ke amincewa, ta kuma ce bayan mako guda a tambayi ma'aikaci ɗaya daga kowane kamfanin fansho ko saƙon shigar kuɗi ya iso masa. Idan kuɗi sun tafi babu jadawali, ko lambar wani ta yi kuskure, sukan zauna ba a raba su ba, kuma ba wanda zai sani sai ranar da ma'aikaci ya nemi bayanin asusunsa.

Yana da kyau a rubuta farashin makara kusa da kowane aiki, ba don tsoratarwa ba, sai don mataimaki ya san abin da zai fifita ranar da ayyuka suka cushe. A fansho, doka ta ce tarar ba za ta gaza kashi 2 cikin 100 na kuɗin da ba a tura ba a kowane wata, wato a nan Naira 21,600 aƙalla. A VAT, rashin shigar da bayani a kan lokaci yana jawo tarar Naira 50,000 a watan farko da 25,000 a kowane wata bayansa a tsohuwar doka, sabuwar kuma ta ninka su. A ƙara da gargaɗin cewa ko da babu abin biya a wani wata, bayanin dole ne a shigar da shi.

A nan kuma ake zuba abubuwan da ke cikin kan akanta kawai. Misali, harajin albashi jihar da ma'aikaci yake zaune ake biya, ba jihar da hedikwatar kamfani take ba. Ma'aikatan reshen Dutse mazauna Jigawa harajinsu na hukumar harajin Jigawa ne, na sauran kuma na KIRS a Kano. Akantar ta san wannan har ta daina tunaninsa. Mataimaki kuwa zai iya haɗa na mutum 40 ya tura Kano, kuma dawo da kuɗin da aka biya wata hukuma bisa kuskure ba aikin mako ɗaya ba ne.

Mataki na 4: Makullai, na ƙarfe da na kwamfuta

Makullin akwatin kuɗi da na durowar cek ba a cika mantawa da su ba, tunda ana ganinsu. Na kwamfuta ne ke kawo cikas. A jera duk shafin da ake shiga: bankin intanet na kamfani, shafin shigar da harajin tarayya irin TaxPro-Max, shafin hukumar harajin jiha, Remita, da manhajar lissafin kamfani. A gaban kowanne a rubuta sunan wa aka yi rajista, wace waya ko wane imel lambar tabbatarwa ke shiga, da wanda ke riƙe da tokin.

Hanyar da mutane suka fi bi ita ce akanta ta rubuta lambar sirrinta a ƙaramar takarda ta miƙa, ta ce duk lokacin da lamba ta shigo wayarta za ta turo. A ganin mai wannan rubutu, wannan ce mafi munin ɗabi'a a harkar miƙa aiki. Da farko, ranar 19 ga Disamba matar na iya kasancewa a ɗakin haihuwa, wayar na hannun ƙanwarta a kashe. Na biyu, duk kuɗin da ya fita da sunanta, a wurin banki da masu binciken kuɗi ita ta fitar da su, ko tana gida tana jego. Idan wani abu ya ɓace, ba ita ta tsira ba, shi ma mataimakin ba shi da hujjar wanke kansa.

Abin da ya dace shi ne a buɗa wa mai riƙon ƙwarya ƙofarsa da sunansa, da wayarsa, da iyakar kuɗin da zai iya turawa. Banki ba ya yin wannan da kiran waya. Sai da wasiƙar kamfani mai sa hannun waɗanda ya sani, wani lokaci har da takardar amincewar daraktoci da shaidar mutumin da za a ƙara. Yana ɗaukar kwanaki, don haka a makon farko na Oktoba ake nema. A kuma kiyaye ƙa'idar cewa mai shigar da biya daban, mai amincewa daban. Idan a da mataimaki ke shigarwa akanta na amincewa, kada a ba shi duka biyun don sauƙi. Manaja ya karɓi amincewar.

Mataki na 5: Mutanen da za a kira

Jerin sunaye da lambobin waya kaɗai bai isa ba. A gaban kowane suna a rubuta abin da ake kiransa a kai, da wanda za a nema idan ba a same shi ba, da yadda aka fi samunsa. Jami'in banki mai kula da asusun kamfani, jami'in haraji da ke riƙe da fayil ɗin kamfani a Kano da takwaransa na Dutse, wakilin kowane kamfanin fansho, mai binciken kuɗi na waje, mai gyaran manhajar lissafi, da manyan masu kawo kaya uku ko huɗu. A cikin gida kuma, mai kula da ma'aikata da ke turo sunayen sababbi da waɗanda suka bar aiki, da mai sito.

Ƙananan bayanai na da daraja a nan: wane ba ya karanta imel sai an bi shi da kira, wane ba a samunsa ranar Juma'a bayan ƙarfe goma sha biyu. Amma takardar ofis ce, manaja zai karanta, wataƙila masu bincike ma. Ba wurin rubuta cewa wane malalaci ne ba.

Sannan a gabatar da mataimakin tun akantar na nan. Jami'in banki da bai taɓa jin muryar mutum ba, ba zai tattauna asusun kamfani da shi ba, kuma gaskiyarsa. Gajeren saƙo ya wadatar: "Ranka ya daɗe, daga 3 ga Nuwamba zuwa 23 ga Janairu Malam wane ne zai riƙe ofishin kuɗi, ga lambarsa, na sa manaja a cikin saƙon." Wannan yana rufe wata ƙofar zamba ma. Masu damfara sukan yi amfani da lokacin canjin hannu su aiko da saƙo da sunan mai kawo kaya cewa ya sauya lambar asusu. Takardar ta ce ba a sauya asusun kowa sai an kira shi a lambar da ke cikin jerin, ba wadda ke cikin saƙon ba.

Mataki na 6: Ayyukan da ke rataye da iyakar iko

Ba wanda ke tafiya hutu ya bar tebur fes. Akwai cek da aka rubuta mai shi bai kai banki ba, akwai mai saye da ya yi alkawarin cika bashi ƙarshen wata, akwai wasiƙar hukuma da ba a amsa ba. Kowanne a rubuta inda aka tsaya, abin da aka yi alkawari, da mataki na gaba. Alkawuran baki su ne masu haɗari. Idan akantar ta ce wa mai kawo fenti za a biya shi rabi a Nuwamba rabi a Disamba kuma ba ta rubuta ba, zai zo ya ce duka aka ce.

A nan ne ake buƙatar lokacin manaja. A zauna a raba abubuwa gida uku: abin da mai riƙon ƙwarya zai yanke da kansa, abin da sai ya tambayi manaja, da abin da zai jira dawowar akanta. A sa adadi, kamar a ce biya na yau da kullum har zuwa Naira 200,000 nasa ne, abin da ya haura sai manaja, bashin albashi ga ma'aikaci kuwa ba ya bayarwa ko nawa ne. Wannan layi na ƙarshe kariya ce a gare shi. Makon farko abokan aiki za su yi ta zuwa da "Malam, ai Hajiya takan taimaka mana", kuma ya fi masa sauƙi ya nuna takarda mai sa hannun manaja da ya yi ta ba da haƙuri.

Ranar aiki ta ƙarshe, Juma'a 31 ga Oktoba, su biyun su ƙirga kuɗin hannu tare a gaban mutum na uku, su rubuta adadin, da lambar cek ta ƙarshe da aka yi amfani da ita a kowane littafi, da abin da ke cikin kowane asusun banki a wannan rana. Ba zargi ba ne. Layi ne da ke nuna inda alhakin ɗaya ya ƙare na ɗayan ya fara.

Mataki na 7: A gwada takardar tun mai ita na nan

Takardar da ba a gwada ba, ba a san ramukanta ba. A bar mataimaki ya yi VAT na 21 ga Oktoba da albashin 24 ga Oktoba da hannunsa, da ƙofar da aka buɗa masa, takardar kawai a gabansa. Akantar ta zauna gefe ta kame bakinta, abin da ya fi komai wuya ga wanda ya iya aiki. Duk inda ya tsaya ya ɗago kai ya yi tambaya, a nan takardar ta gaza. A ba shi amsa, a kuma rubuta amsar a ciki nan take. A irin wannan gwaji ne ake gano cewa tokin ɗinsa bai fara aiki ba, ko fayil ɗin albashi yana kan kwamfutar akantar kaɗai da lambar sirri a kansa.

Bayan gyara, su uku su sa hannu da kwanan wata: mai tafiya, mai riƙo, da manaja. Kwafi ɗaya a takarda cikin fayil, ɗaya a inda su ukun za su iya buɗewa. Shafin farko ya zama kalandar kawai, ta yadda ko manaja ya ɗauka zai ga abin da ke tafe a makon.

Mataki na 8: Kiran waya a lokacin hutu, da ranar dawowa

"A kira ni kowane lokaci" karamci ne da ke kashe hutu, yana kuma hana mataimaki tsayawa da ƙafafunsa. "Kada a kira ni ko kaɗan" kuma ba ya yiwuwa. A rubuta tsaka-tsaki: manaja kaɗai ke tuntuɓarta, ta saƙon rubutu, a kan abin da ya shafi asarar kuɗi ko wa'adin hukuma wanda aka duba takardar ba a samu amsarsa ba. Makonnin da ke kewaye da haihuwa da suna kuwa a ɗauka ba ta nan gaba ɗaya, a kuma sa sunan wanda zai amsa tambayar lissafi a madadinta, kamar mai binciken kuɗi na waje.

Shi ma mai riƙon ƙwarya yana da nasa littafin. Duk wa'adin da ya cika ya sa alama a kalandar ya liƙa rasit, duk shawarar da aka yanke ya rubuta wa ya yanke da ranar. Ranar Litinin 26 ga Janairu sai a juya tsarin: a sake ƙirga kuɗin hannu, a duba lambobin cek, a daidaita littafin kamfani da bayanin banki na watanni ukun, a rubuta wa banki ya mayar da iyakokin yadda suke. Abu biyu ne za su kasance a saman takardar da zai miƙa mata: fanshon albashin 23 ga Janairu, wanda wa'adinsa Talata 3 ga Fabrairu, da bayanin harajin shekara na Kano da na Jigawa, da za a shigar zuwa Juma'a 30 ga Janairu.